Inda Masu Kallo Suke Tsere Maka: Yadda Za Ka Karanta Zanen Bidiyo Ka Gyara Rubutu Na Gaba

Yawan waɗanda suka buɗe bidiyonka ba ya gaya maka komai game da rubutunka, wato abin da ka tsara faɗa a bidiyon, take da hoton bango ne suka jawo su. Abin da ke nuna ingancin rubutu shi ne tsawon zaman da suka yi bayan sun shigo, da daidai wurin da suka tashi. YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke duba alƙaluman bidiyonsa, yana ajiye maka wannan a zane guda, amma mutane da yawa kallonsa kawai suke yi, su ga layi ya gangara, su ce Allah Ya kyauta, su rufe. Zanen ba ya amfani sai ka ɗora kowace gangara a kan jimlar da bakinka ke faɗa a wannan daƙiƙar, kuma aikin da za mu bi ke nan.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce akwai wani mai haɗa sola da shagonsa a wajajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, ya ɗora bidiyo na minti 8 mai taken “Yadda za ka gane batirin sola ya mutu kafin ka saya”. Alƙaluman da za su biyo na misali ne, na tsara su ne don lissafin ya fito fili, amma siffarsu ita ce wadda ake yawan gani a bidiyon koyarwa.

Ka fara da lissafin lokaci

Kada ka buɗe alƙaluma a ranar da ka ɗora bidiyo. Zanen zaman masu kallo yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana, kuma masu kallon ranar farko galibi mutanenka ne, ƴan uwa da abokai da waɗanda suka riga suka san ka. Ka ba shi mako guda. Idan da hali ka buɗe a kwamfuta, domin a nan ne za ka iya jan layin daƙiƙa bayan daƙiƙa, allon waya ya yi ƙanƙanta ga wannan aikin.

Ka shiga Content, ka zaɓi bidiyon, ka danna Analytics, sannan Engagement. Za ka ga Watch time, wato jimillar awannin da aka kwashe ana kallo, da Average view duration, wato matsakaicin zaman kallo ɗaya. Mai sola ya samu kallo 2,400 da awa 102. Ga yadda suke haɗuwa:

```
102 × 60 = 6,120
6,120 ÷ 2,400 = 2.55  →  2:33
153 ÷ 480 = 0.32
```

Wato minti 6,120 aka raba wa kallo 2,400, kowanne ya tashi da minti 2 da daƙiƙa 33, daidai da daƙiƙa 153. Bidiyon kuma daƙiƙa 480 ne, don haka an kalli kusan kashi 32 cikin ɗari. Wannan kason shi Studio ke kira Average percentage viewed.

A nan ne mutane ke yin gaggawa. Sai ka ji an ce ai kashi 32 ya yi kaɗan, a mayar da bidiyon minti 4. To a ce an yi hakan, kaso ya hau zuwa 50. Rabin minti 4 minti 2 ne, ƙasa da 2:33 ɗin da ake samu a da, kaso ya yi kyau a ido amma awanni sun ragu. Ga wanda yake neman cika awa 4,000 cikin wata 12 da mabiya 1,000 don a fara raba kuɗin talla da shi, wannan hasara ce. Abin nema shi ne a cire wuraren da ke korar mutane, tsawon bidiyon kuma ya tsaya inda maganar ta tsaya.

Su wane ne suka tafi?

Kafin ka ɗora wa rubutu laifi, ka duba ta ina mutanen suka shigo. A ɓangaren Reach akwai Traffic source types, idan kuma ka shiga Advanced mode za ka ga matsakaicin zaman kowace hanya daban. A misalinmu, kallo 900 sun zo ta External, yawancinsu daga WhatsApp, domin mai sola ya watsa bidiyon a zaurukan unguwa da na tsofaffin ɗalibai da na dangi. Matsakaicin zamansu minti 1 ne kacal. Sauran 1,500 ɗin, waɗanda suka zo ta YouTube search da Suggested videos da makamantansu, sun yi kusan 3:29.

Mutumin da ya danna don kara, saboda ɗan ajinsu ne ya turo, ba shi da batir kuma ba ya shirin saye. Zai ga fuskarka, ya ce ma sha Allah, ya fita ya tattala datarsa, kuma babu irin rubutun da zai riƙe shi. Shi kuwa wanda ya rubuta “batirin sola” da hannunsa ya nemo, tafiyarsa ita ce abin damuwa. Saboda haka idan mafi yawan kallonka daga zaurukan WhatsApp ne, ka sani faɗuwar farkon zanen ta fi laifin rubutunka girma, kada ka rushe buɗewar da ba ta da aibu. Haka nan idan kallon bai kai ɗari ba, mutum ɗaya ya fi kashi ɗaya na zanen, wanda cajinsa ya ƙare ma sai ya bar rami a layi. Studio ma ba ya fitar da alamomin muhimman wurare sai bidiyo ya kai daƙiƙa 60 ya kuma samu kallo 100, ni kuwa ban cika yanke hukunci a kan abin da bai kai ɗari biyar ba.

Ɗora zanen a kan rubutu

Yanzu ka gangara zuwa Key moments for audience retention. Layin yana farawa daga hagu, farkon bidiyo, ya tafi dama zuwa ƙarshe, tsayinsa a kowane wuri kuma yana nuna kason masu kallon da ke wurin. Ka ɗauko takarda da biro, ko rubutun da ka karanta idan kana da shi. Ka kunna bidiyon kana bin layin, duk inda ya sauya hali ka tsayar, ka rubuta lokacin da kason da abin da ke faruwa. Ka koma baya daƙiƙa biyar zuwa goma daga inda gangarar ta fara, domin mutum ba ya fita a kan kalmar da ta gundure shi, sai ya ɗan jure tukuna hannunsa ya kai ga allo. Mai laifin yakan kasance jimlar da ta gabaci ramin.

Ga abin da takardar mai sola ta nuna:

```
0:30   58   gaisuwa da jinjina
1:15   41   tarihin shago
3:20   35   ire-iren batir
3:50   26   tallan kaya
5:05   24   haɗa mita
5:20   31   karatun mita
5:45   22   gwaji da ƙwan fitila
7:10   19   "a nan za mu dakata"
8:00    6
```

Kada ka auna faɗuwa da ragi kawai, ka auna ta da yawan waɗanda suka rage a lokacin. Daga 35 zuwa 26 maki tara ne, ga ido ba wani abu ba ne idan aka kwatanta da 42 ɗin da suka zube a farko. Amma tara cikin 35 ya ɗan haura kashi ɗaya bisa huɗu. Cikin rabin minti tallan ya kori rubu'in mutanen da suka jure masa fiye da minti uku, kuma su ne masu saye. Daga 41 zuwa 35 kuwa, cikin fiye da minti biyu, gangara ce ta al'ada, kowane bidiyo yana yoyo a hankali, wannan wurin lafiyarsa ƙalau, a bar shi yadda yake.

Daƙiƙa talatin na farko

Studio yana ware wannan wurin da sunan Intro, ya gaya maka kashi nawa ne suke nan a daƙiƙa ta 30. Ga yadda mai sola ya buɗe:

“Assalamu alaikum warahmatullahi ta'ala wabarakatuhu, jama'a barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a wannan tasha tamu mai albarka. Ina miƙa gaisuwa ga masoyanmu na Katsina da Daura da Funtua da Malumfashi, da ƴan uwanmu na Maraɗi. Kafin mu shiga cikin shirin, duk wanda bai danna Subscribe ba ya daure ya danna, ya kuma danna ƙararrawa...”

Rabin minti ya wuce, kalmar batir ba ta fito ba. Wannan salon na rediyo ne, inda mai sauraro yake zaune da akwatinsa yana jiran shirin da ya saba, ba shi da wani wurin zuwa. Mai waya kuwa wasu bidiyoyi goma na jere a ƙarƙashin naka, datarsa kuma tana tafiya. Take ya yi masa alkawarin gane mataccen batir, yana so ya tabbatar bai ɓata hanya ba.

Ba na cikin masu cewa a jefar da sallama. Bahaushe ba ya faɗa wa mutane magana babu sallama, kuma “Assalamu alaikum” daƙiƙa biyu ce, ba ita ke korar kowa ba. Jerin garuruwa da roƙon a danna ƙararrawa su ne matsalar. Wanda bai amfana da kai ba tukuna, a kan me zai bi ka? Ga buɗewar da ya kamata ya rubuta:

“Assalamu alaikum. Batura biyu ne a gabana, duka mita ta nuna sun cika. Ɗaya lafiyayye ne, ɗaya kuma ba zai riƙe maka fanka na awa ɗaya ba. Yanzu zan nuna maka yadda za ka bambance su a gaban mai sayarwa, da mita da ƙwan fitilar mota kawai.”

Kamara tana kan baturan tun daƙiƙar farko. An maimaita alkawarin take, an nuna abin da ido zai gani, an faɗi kayan aiki. Don ka san kalma nawa za su shiga, ka ƙirga kalmomin da ka faɗa cikin minti ɗaya a tsohon bidiyonka. Idan 130 ne, to kalma 65 kake da su kafin daƙiƙa ta 30, kuma a cikinsu dole alkawarin ya fito, aikin ma ya fara. Jinjina ga mutanen Maraɗi sai ta koma can ƙarshe, su ma sun fi son ganin batirin.

Daga 0:30 zuwa 1:15 mai sola ya ba da labarin yadda ya koyi sana'a da shekarun da ya yi a cikinta, layin ya sauko daga 58 zuwa 41. Yana son a yarda da shi ne, kuma niyyar ba ta da laifi. Sai dai jimla ɗaya ta isa, a faɗe ta hannu yana kan aiki: “Irin wannan batirin kusan kullum ana kawo mini shi shago.” Wanda ya ga yadda kake riƙe mita ya riga ya san ko ka iya.

Rami iri biyu ne

Wuraren da layi ya nutse Studio yana kiransu Dips, kuma ba duka ne ke nufin an fita ba. Ka duba abin da layin ya yi bayan ramin. Idan ya nutse ya sake tasowa kusa da inda yake, mutane tsallake wurin suka yi, sun ja bidiyon gaba amma suna nan. Wannan gargaɗi ne mai sauƙi: suna son abin da ke gaba, wannan yankin ne ya yi musu tsawo, sai a taƙaita shi. Idan kuwa ya nutse ya zauna a ƙasa, sun tafi ke nan.

Ramin 3:20 na biyun ne, ya sauka 26 bai dawo ba. A wurin mai sola ya ajiye mita, ya juya ga kamara ya ce, “Kafin mu ci gaba, ina sanar da ku muna da inbata da fanel masu inganci,” ya shiga lissafa kaya da farashi. Abu biyu ne suka haɗu. Ya katse aiki a daidai lokacin da ake jiran gwaji, sannan ya yi shelar cewa zai katse. “Kafin mu ci gaba” da “bari mu ɗan tsaya” da “wani hanzari ba gudu ba” duk suna sanar da mai kallo cewa abin da ke tafe ba nasa ba ne. A rubutu na gaba tallan zai koma bayan an nuna sakamakon gwaji, ya zama jimla biyu, kuma ya fito daga cikin maganar: wanda ba shi da mita ya kawo batirinsa shago a gwada masa. Lambar waya da farashi su zauna a Description.

Tudun da ke ruɗin mutane

A 5:20 layin ya tashi daga 24 zuwa 31. Waɗannan su ne Spikes, kuma suna faruwa ne idan an koma baya an sake kallon wuri, ko an tsallako daga baya an sauka a kansa. Saboda maimaita kallo ne ma wani lokaci za ka ga layi ya haura kashi 100 a gajeren bidiyo. Yawancin mutane da sun ga tudu sai murna, wai nan ne aka fi so. Wataƙila haka ne, wataƙila kuma ba a gane ba ne aka koma. Zanen ba ya bambance maka, siffarsu ɗaya.

Hanyar ganewa ita ce ka ba wanda bai san aikin ba ya kalli wurin sau ɗaya, kai kuma ka zuba masa ido. A ce mai sola ya miƙa wa sabon yaron shagonsa waya. Yaron ya kalla, ya kai yatsa ya mayar baya, ya ƙanƙance ido, sannan ya ce, “Maigida, nawa ta nuna? Hasken rana ya haske gilashin, kuma ka ɗauke da wuri.” Ashe lambar 12.6 daƙiƙa biyu ta yi a allo, shi kuma yana faɗarta da sauri yana haɗa ta da wata lambar. Tudun na ruɗewa ne. Amma ya tona wani abu mai daraja: wannan lambar ita mutane suka zo nema, kuma an ɓoye ta sai bayan minti biyar, lokacin da kashi uku cikin huɗu sun riga sun watse.

Gyaran biyu ne. Na farko a matso da gwajin gaba, ya fara kafin cikar minti ɗaya da rabi, bayanin ire-iren batir ya biyo baya, tunda ya nuna yana iya riƙe mutane. Na biyu a ba lambar haƙƙinta a rubutu: a ɗauki mita a inuwa, a bar ta a allo daƙiƙa biyar ko shida, a rubuta lambar da manyan baƙaƙe, a faɗe ta sau biyu. A kuma raba maganar gida biyu, kowace da jimlarta. Batirin ruwa mai bolt 12 da ya cika ya kuma huta yakan nuna 12.6 ko sama kaɗan, wannan ɗaya. Lambar ita kaɗai ba ta isa shaida ba, sai an ɗora masa kaya irin ƙwan fitila an ga ko zai zube nan take, wannan biyu. A tsohon bidiyon numfashi ɗaya ya haɗa su.

Akwai kuma tafiyar da ba ta da laifi. Bayan gwaji layin ya sauka 22, wasu sun samu abin da suka zo nema sun kama gabansu. A bidiyon koyarwa wannan dole ne, kuma idan ka matso da amsa gaba za ka ga irin wannan saukar ta matso ita ma. Kada ta sa ka koma ɓoye amsa. Abin da ke riƙe mutum bayan amsa shi ne wata tambayar da ta taso daga cikinta, a ajiye ta tun kafin a gama ta farko: “Akwai batirin da zai ci wannan gwajin amma ya ba ka kunya bayan wata biyu, yanzu za mu zo kansa.” Da sharaɗin ka zo kansa ɗin da gaske.

Ƙarshen ba ya buƙatar dogon bayani. Da mai sola ya ce “a nan za mu dakata” a 7:10, layin ya zube daga 19 zuwa 6, alhali saura daƙiƙa 50 na godiya da addu'a da roƙo. Ka gama maganarka ta ƙarshe mai amfani, ka nuna bidiyo na gaba da jimla ɗaya, ka yi sallama. End screen, wato allon ƙarshe da ke nuna bidiyo na gaba, yana zama ne a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshe, don haka bankwanan kada ya wuce hakan, in ba haka ba babu wanda zai rage ya gan shi.

Rubutu na gaba, da yadda za ka san gyaran ya ci

Ka raba takardar sabon rubutu gida uku a tsaye: lokaci, abin da za a faɗa, abin da za a gani. Duk layin da gidan “abin da za a gani” ya kasance fuskarka kawai fiye da daƙiƙa ashirin, ka sa masa alama, ka koma tsohon zanen ka duba me irinsa ya jawo. Ka karanta rubutun da ƙarfi da agogo a hannu kafin ka kunna kamara.

Na lissafa gyare-gyare da yawa a sama, amma kada ka zuba su duka a bidiyo ɗaya idan kana son sanin wanne ya yi aiki. Wuraren da ba su shafi juna ba, kamar buɗewa da bankwana, ana iya gyara su tare, domin kowanne yana da wurinsa a zane. Sauya tsarin tsakiya kuwa, irin matso da gwaji gaba, ya fi kyau a yi shi shi kaɗai. Mai sola zai fara da buɗewa da tallan 3:20, domin duka biyun suna cin mutane tun kafin a kai ga gwaji.

Wajen kwatantawa, bidiyon minti 8 da na minti 8 ake haɗawa, ba da na minti 3 ba. Studio yana iya nuna maka layin da ka saba samu, wanda yake haɗawa daga bidiyoyinka 10 na baya-bayan nan masu kusan tsawo ɗaya, kuma da shi ya kamata ka yi awo, ka bar alƙaluman da wani mai tasha ya faɗa a kan tasa. Ka duba wuri da wuri: kaso nawa a 0:30 a da, nawa yanzu. Idan 58 ya koma 66, kuma hanyoyin shigowa ba su sauya sosai ba, buɗewar ta yi aiki, sai a mayar da ita ƙa'ida. Idan bai motsa ba, ka sake duba Traffic source types tukuna, sannan ka duba take da hoton bango, domin idan sun yi alkawarin abin da bidiyon bai ƙunsa ba, mutane za su fita a daƙiƙa goma na farko komai kyan jimlolinka. Bidiyo ɗaya kuma ba ya tabbatar da komai, batun kansa yana iya fin wani jan hankali. Sai ka ga gyaran ya riƙe a bidiyo uku a jere sannan ka matsa zuwa rami na gaba a takardarka.